Lissafin zakkar kuɗi da haja: amsoshin tambayoyin da suka biyo bayan ɗan gajeren bidiyon

Bidiyon da na yi kan lissafin zakka bai kai minti huɗu ba, kuma misali ɗaya tak na yi amfani da shi: ɗan kasuwa mai shago, da allo, da lambobi kaɗan. Na yi haka ne da gangan, domin wanda ya bi misali guda daga farko har ƙarshe ya fi wanda aka jero wa hukunce-hukunce ashirin samun abin riƙewa. Sai dai gajeren bayani yakan bar wurare a buɗe, kuma tambayoyin da suka biyo baya sun nuna mini inda na wuce da sauri. Abin da na lura shi ne kusan babu wanda raba kuɗi gida arba'in ya gagara. Inda ake tuntuɓe shi ne kafin a kai ga rabawar: wace rana za a yi lissafin, me zai shiga, me za a bari a waje. A nan amsoshin suka fi daɗewa.

Ban samu na rubuta lambobin ba. Ko za a maimaita misalin?

Ga shi kamar yadda yake a allon. Ban ambaci sunan kuɗin kowace ƙasa ba, saboda haka ka ɗauki lambobin da irin kuɗin da kake mu'amala da su. Farashin zinarin ma ƙaddarawa na yi don lissafi ya zo da sauƙi, ba farashin kasuwa ba ne.

Ranar da shekararsa ta cika, mai shagon ya ƙirga tsabar kuɗin da ke hannunsa ya samu 3,000. A asusunsa na banki akwai 9,000. Hajar da ke shago, da ya yi mata kuɗi da farashin wannan ranar, ta kama 16,000. Yana bin abokan ciniki bashin 4,000 wanda yake da tabbacin za su biya. Jimla ta zama 32,000. Shi ma ana bin sa: 6,500 na wanda yake saro kaya a wurinsa, da 1,500 na hayar shago da ta riga ta hau kansa bai biya ba, wato 8,000 ke nan. Da aka cire, saura 24,000.

Daga nan sai a duba nisabi. Mun ƙaddara giram ɗaya na zinari yana kan 100, nisabi kuwa giram 85 ne, ka ga 8,500. Tunda 24,000 ta haura 8,500, zakka ta wajaba. Sai a raba.

```
32,000 - 8,000 = 24,000
24,000 ÷ 40 = 600
```

Zakkarsa 600 ce. Duk tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan mutumin za mu riƙa gwada su.

Me ya sa aka raba gida arba'in alhali ana cewa kashi biyu da rabi cikin ɗari?

Abu ɗaya ne. Malaman fiƙihu suna kiransa rubu'in ushuri, wato kwatan kashi ɗaya cikin goma, shi ne ɗaya bisa arba'in, shi ne 2.5 cikin 100. Na zaɓi rabawa ne saboda ana iya yinta da ka: kowace 40 tana ba da 1, kowace 1,000 tana ba da 25.

Daga ina aka samo giram 85 ɗin?

Nisabin zinari a shari'a dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200. Da aka auna tsofaffin dinarorin Musulunci, an samu nauyin ɗaya ya kama wajen giram 4.25, to ashirin ɗinsu ya ba da 85. Dirhami kuma nauyinsa kashi bakwai cikin goma ne na dinari, wajen giram 2.975, ɗari biyunsa ya ba da giram 595. Za ka iya cin karo da wasu malaman, musamman a ɓangaren Hanafiyya, suna cewa 87.48 na zinari da 612.36 na azurfa. Ba kuskuren bugu ba ne, ma'aunin da suka bi ne ya ɗan bambanta. Wannan tazarar ba ta shafar kowa sai wanda dukiyarsa take daidai bakin nisabi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne giram ɗin ba ya canjawa, amma darajarsa a kuɗi tana canjawa kullum. Kada ka yi aiki da nisabin da ka ji bara, ko wanda wani ya turo maka a waya ba kwanan wata. Ka nemi farashin giram ɗaya na tsantsar zinari, wanda ake kira karat 24, a ranar lissafinka, ka ninka shi sau 85.

To da wanne zan auna kuɗina, zinari ko azurfa?

Wannan tambayar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A zamanin farko nisabin biyu sun yi kusa da juna, dinari ɗaya yana daidai da dirhami goma. Yanzu azurfa ta faɗi ƙwarai idan aka gwada ta da zinari. A misalinmu, idan giram ɗin azurfa yana kan 1.2, nisabinta zai zama 714 kacal, na zinari kuwa 8,500. Mai shagonmu wannan bai dame shi ba, domin 24,000 ta wuce duka biyun. Amma ka ɗauki mace mai ajiyar 2,000 da ta shekara a hannunta. In da azurfa aka auna, za ta fitar da 50. In da zinari ne, babu komai a kanta.

Malaman zamani sun kasu biyu. Masu cewa azurfa suna duba amfanin talaka, domin masu bayarwa za su yi yawa. Masu cewa zinari suna cewa nisabi alamar wadata ne, kuma zinari ne ya riƙe darajarsa, wanda ya mallaki kimar giram 595 na azurfa a yau yana iya zama shi kansa mabuƙaci. A bidiyon na bi zinari, kuma shi ne hankalina ya fi kwanciya da shi. Wanda ya zaɓi azurfa don ya fita daga kokwanto bai yi laifi ba. Abin da ba na so shi ne mutum ya riƙa sauya ma'auni kowace shekara gwargwadon wanda ya fi masa sauƙi.

Ba a cire nisabin tukuna a fitar da zakkar abin da ya haura ba?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma na fahimci inda ya samo asali, domin haka ake lissafa wasu nau'o'in haraji. Nisabi ƙofa ce kawai: in ka kai ta, zakka ta hau kan dukiyar gaba ɗaya. Da mai shagon ya cire 8,500 daga 24,000 ya raba sauran 15,500, zai samu 387.5 maimakon 600. Ya tauye masu haƙƙi 212.5 ke nan, yana ganin ya sauke nauyi.

Ban san ranar da shekarata take cika ba. Ina zan fara?

Shekarar zakka tana farawa ne daga ranar da dukiyarka ta kai nisabi, kuma da watannin Musulunci ake ƙirga ta, kwana 354 ko 355. In ka kai nisabi ranar 10 ga Rajab, ranar 10 ga Rajab mai zuwa ce ranar lissafinka. Mafi yawan mutane ba su rubuta wannan ranar ba, musamman wanda kasuwancinsa ya taso a hankali. In haka ne, ka yi kirdado da iyakar gaskiyarka. Tsohuwar takardar bayanin asusu daga banki, ko littafin shago, sukan taimaka a gano watan. Ka tsayar da rana, ka rubuta ta inda ba za ta ɓace ba, ka riƙe ta kowace shekara.

Ranar tana da amfani saboda lissafin zakka kamar ɗaukar hoto yake. Ba a tambayar nawa ya shigo a shekara, nawa ya fita. Abin da aka ci an ci, abin da aka kashe an kashe. Tambayar ita ce, yau da shekara ta cika, me ke hannunka? Shi ya sa a misalin ba ku ga na kawo cinikin wata-wata ba.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai sauƙi guda: riba tana bin shekarar uwar kuɗi. Ribar da mai shagon ya samu mako biyu kafin ranar lissafi tana cikin 24,000 ɗin nan, ba sai ta yi tata shekarar daban ba.

Dole ne sai a Ramadan?

Ba dole ba ne. Zakkar dukiya ba ta da wata na musamman, zakkar fidda kai ce take da alaƙa da ƙarshen azumi. Wanda shekararsa ta cika a Safar bai kamata ya riƙe haƙƙin mutane wata bakwai yana jiran falalar Ramadan ba, domin mai jin yunwa a Safar ba zai jira ba. Gaggauta ta kafin lokaci kuwa, Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda, in dai nisabi ya cika. Malikiyya ba su yarda ba sai da ɗan lokaci kaɗan, kamar wata guda. Wanda ya gaggauta sai ya sake lissafi in ainihin ranarsa ta zo, ya cike giɓi in akwai.

Kamfaninmu da watan Disamba yake rufe lissafi. Za mu iya bin wannan shekarar?

Shekarar rana ta fi ta wata da kwana goma sha ɗaya, shi ya sa masu lissafin zakkar kamfanoni suke ɗaga adadin zuwa 2.577 cikin ɗari don a biya kwanakin da suka ƙaru. A kan 24,000 zai ba da kusan 618 maimakon 600. Ga mutum ɗaya mai shago, bin watan Musulunci ya fi sauƙi kuma shi ne asali.

Yaya ake yi wa haja kuɗi? Da farashin da na saya ko wanda zan sayar?

A nan ne ainihin aikin yake, kuma a bidiyon daƙiƙa goma kawai na ba shi. Ana yi wa haja kuɗi da darajarta ta ranar lissafi, ba da abin da ka biya lokacin da ka saro ta ba. Mai shagonmu ya sayi kayansa a kan 13,000, amma yau sun kai 16,000. Da ya bi tsohon farashi, jimlarsa za ta sauko zuwa 21,000, zakkarsa ta zama 525, ya rage 75. Haka kuma in farashi ya karye, da karyayyen farashin zai yi aiki, ba za a ce ya biya zakkar darajar da ta riga ta tafi ba.

Sai kuma batun sari da sayar da ɗai-ɗai. Malamai da yawa na zamani suna cewa a duba nawa za a sayi kayan in da za a kwashe su gaba ɗaya a yau, wato farashin sari. Wasu suna cewa kowa ya bi yadda yake sayarwa, mai sari ya yi da na sari, mai sayar da ɗai-ɗai ya yi da nasa. Na yi amfani da na sari a misalin. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne farashin buri, wanda kake fatan samu in kasuwa ta yi kyau, ko farashin wulaƙanci da ka san ba za ka taɓa sayarwa a kansa ba.

A aikace, shawarata ita ce ka ware yammaci guda bayan an rufe shago. Ka ɗauki littafi ka ja layi uku: sunan kaya, adadi, farashin yau. Ka bi kanta-kanta, kada ka dogara da abin da ke kanka. Na taɓa zama da wani mai shago muna irin wannan ƙidaya, yana da yaƙinin hajarsa ba ta wuce wani adadi ba. Da muka janye buhunan da ke bayan ƙofa, sai ga kwalaye shida da ƙura ta rufe, ya manta da su tun sarin da ya gabata. Ba ɓoyewa ya yi ba, ido ne ya saba da ganinsu har ya daina ƙirga su. Kayan da suka yi kwantai ma ana saka su, amma da darajar da za su iya samu yanzu, ko da ta yi ƙasa sosai. Wanda ya lalace har ba mai saye, ba shi da kima, sai a bar shi.

Na ji ana cewa a mazhabar Malikiyya ba kowane ɗan kasuwa ne yake yi wa kayansa kuɗi duk shekara ba. Haka ne?

Haka ne, sun raba 'yan kasuwa gida biyu. Akwai mudiri, mai juya kaya, yana saye yana sayarwa da farashin da ya samu, kamar mai shagonmu. Shi kowace shekara zai yi wa hajarsa kuɗi ya haɗa da tsabarsa. Akwai kuma muhtakiri, wanda yake sayen abu ya ajiye yana dakon farashi ya tashi, kamar mai sayen fili don ya sayar nan gaba. Shi ba ya fitar da zakkar abin sai ranar da ya sayar, sannan ya ba da ta shekara ɗaya ko da abin ya yi shekara biyar a hannunsa. Sauran mazhabobin uku ba su yi wannan rabon ba, a wurinsu duk abin da aka saya da niyyar kasuwanci ana yi masa kuɗi duk shekara. Misalin bidiyon na mudiri ne, kada mai ajiyar fili ya ɗauke shi kai tsaye ba tare da ya tambayi malaminsa ba.

Firij, kantoci, sikeli da motar kai kaya fa?

Ba sa shiga. Abin da ake aiki da shi daban, abin da ake sayarwa daban. Gidan da kake ciki, abin hawanka, kayan ɗaki, injin sana'a, duk babu zakka a kansu komai tsadarsu. Firij a shagon mai sayar da abin sha kayan aiki ne, amma a shagon mai sayar da firij haja ne. Gidan haya ma ba a yi wa ginin kuɗi, abin da ya taru na kuɗin hayar ne yake shiga lissafi.

A misalin an saka bashin 4,000 da yake bi. Kuɗin da ba sa hannuna ma sai na ba da zakkarsu?

Ya danganta da wanda kuɗin suke hannunsa. Bashin ciniki da ke kan mutum mai hali, wanda ya amsa cewa ana bin sa kuma yana biya, kamar kuɗin da ke aljihunka ne, shi ya sa 4,000 ta shiga. Abin da ban nuna a allo ba shi ne mai shagon yana da wata 2,000 a hannun mutumin da ya karye, ko ya yi ƙaura ba a san inda yake ba. Wannan ba a saka ta. In Allah ya sa wata rana ta dawo, a ra'ayin Malikiyya sai ya fitar mata da zakkar shekara ɗaya, wato 50. Akwai malaman da suke cewa ya biya na duk shekarun da suka wuce, akwai masu cewa ya fara mata sabuwar shekara.

Rance kuma, wanda ka ba ɗan'uwa don taimako ba ta hanyar ciniki ba, Malikiyya suna cewa sai ka karɓe shi za ka fitar da ta shekara ɗaya. Shafi'iyya suna cewa in mutumin mai iya biya ne kuma lokaci ya yi, ka saka shi duk shekara.

Ina roƙon a yi gaskiya wajen wannan rabon. Yana da sauƙi mutum ya kira bashi matacce ranar zakka, washegari kuma ya aika yaro ya karɓo.

Wane bashi ne ake cirewa? Ina biyan mota kashi-kashi na shekara biyar.

A misalin na cire 8,000 saboda bashi ne da lokacinsa ya yi, masu shi suna iya zuwa gobe. Hayar wata mai zuwa, ko albashin yaran shago na watan da bai kama ba, ba bashi ba ne tukuna, ba a cire su.

Dogon bashi shi ne mai wuyar sha'ani. A ce mai shagonmu ya karɓi motar 30,000 yana biyan 500 duk wata. In ya cire 30,000 ɗin gaba ɗaya, lissafinsa zai koma ƙasa da sifiri, ya yi shekaru bai ba da zakka ba alhali shagonsa cike yake da kaya. Shi ya sa malaman zamani da yawa suke cewa a cire kason da ya wajaba a yanzu kawai, wasu kuma suka yarda a cire har na shekara guda mai zuwa. A Malikiyya akwai wata ƙa'ida da take kai wa kusa da nan: in kana da wata kadara da za a iya sayarwa a biya bashin, sai a jingina bashin a kanta, tsabar kuɗinka kuma ka fitar musu da zakka. Imam Shafi'i, a ra'ayinsa na baya wanda mazhabarsa ta tafi a kai, yana ganin bashi ba ya hana zakka sam. A wannan ra'ayin mai shagonmu zai raba 32,000 ne, ya ba da 800.

Ka ga misali ɗaya ya ba da 600 a wani ra'ayi, 800 a wani. Wannan ba ruɗani ba ne, saɓani ne sananne mai hujjoji. Ka bi mazhabar da kake bi a sauran ibadunka, ko malamin da ka amince da iliminsa, ka tsaya a kai.

Ni ma'aikaci ne, albashi nake ɗauka. Misalin ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai layin haja zai zama babu komai. Ba a fitar da zakka a kan albashi don ya shigo, sai abin da ya saura ya taru ya kai nisabi ya shekara. Matsalar ita ce ajiyar wata-wata kowace da ranar shigowarta. A asalin Malikiyya, kuɗin da ba riba ba ne, kamar albashi, gado ko kyauta, ana ƙirga masa shekararsa daga ranar da aka karɓe shi. Hanafiyya suna haɗa shi da nisabin da ke hannu a fitar rana ɗaya. Bin ranakun goma sha biyu yana da wahala, shi ya sa mutane da yawa suke tsayar da rana ɗaya su fitar wa duk abin da ke asusu. Wanda ya yi haka ya gaggauta zakkar wani ɓangare ne, kuma kuskurensa in akwai yana wajen bayarwa da yawa, ba tauyewa ba.

In akwai kuɗin ruwa da banki ya zuba maka, ka ware su kafin lissafi. Ba dukiyarka ba ce da za ka tsarkake da zakka, rabuwa ake yi da su gaba ɗaya.

Zinarin matata zan haɗa da nawa lissafin?

A'a, kowa da dukiyarsa, kowa da nisabinsa. Zinarin da take sawa don ado, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce babu zakka a kansa, Hanafiyya sun ce akwai in ya kai nisabi. Wanda aka saya don ajiya, a sayar ranar buƙata, wannan akwai zakka a kansa. Hanyar da aka fi bi yanzu ita ce a fitar da tsantsar zinarin da ke ciki: giram 120 na karat 18, kashi uku cikin huɗunsa ne zinari, wato giram 90. Ya haura 85, darajarsa a farashin misalinmu 9,000, zakkarsa 225. In mijin ne zai biya mata, ya sanar da ita ta yarda, domin ibadarta ce kuma tana buƙatar niyyarta.

Zan iya amfani da wannan lissafin a kan amfanin gona ko dabbobi?

A'a, nasu daban ne. Hatsi ranar girbi ake fitar masa, ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahala da kashe kuɗi aka yi ban ruwa. Tumaki da awaki daga 40 ake farawa, shanu daga 30, raƙuma daga 5.

Na gane yanzu cewa shekara uku ina cire nisabi kafin in raba. Me zan yi?

Abin da aka tauye yana nan a matsayin bashi, wucewar lokaci ba ta goge shi. Labari mai daɗi shi ne irin wannan kuskuren yana da sauƙin gyara, domin abin da ka rage kowace shekara shi ne ɗaya bisa arba'in na nisabin da ka cire a shekarar. In 8,500 ka cire, 212.5 ce ta rage. Ka nemo adadin da ka yi aiki da shi a kowace shekara, ka raba shi gida arba'in, ka haɗa ukun ka bayar. In ba ka da hali a lokaci ɗaya, ka rubuta adadin, ka sanar da wani na kusa da kai saboda halin rai, ka riƙa biya da zarar ka samu. Wanda bai taɓa fitarwa ba ma haka zai yi, shekara-shekara, da kirdadon da ya fi rinjaye a zuciyarsa.

600 ɗin nan, zan iya yafe wa wanda nake bi bashi in lissafa a ciki? Ko in ba mahaifiyata?

Mafi yawan malamai ba su yarda a mayar da yafe bashi zakka ba. Zakka mallakawa ce, sai an ɗauki abu an danƙa wa mai haƙƙi. Wanda ya yafe mataccen bashi ya kira shi zakka, a zahiri dukiyarsa ya ceto. In wanda kake bi fakiri ne kana iya ba shi zakkar a hannu ba tare da sharaɗin ya dawo maka da ita ba, in ya ga dama ya biya ka da ita, in ya ga dama ya yi wata buƙatar.

Waɗanda ake ba an jero su a Suratut Tauba, aya ta 60, kashi takwas ne, fakirai da miskinai ne a gaba, akwai kuma waɗanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Wanda ciyar da shi yake wuyanka, kamar iyaye, mata da 'ya'yan da ke ƙarƙashinka, ba a ba su, domin ka sauke wajibi ne da wani wajibin. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kawu ko gwaggo mabuƙata kuwa ana ba su, har ma sun fi cancanta. Ba sharaɗi ba ne ka gaya wa mai karɓa cewa zakka ce, in ka san ya cancanta kuma faɗin zai sa shi jin nauyi. Niyyarka lokacin da kake ware 600 ɗin, ko lokacin da kake miƙawa, ta wadatar.